Kambas da izgar doki a gaban kwat: tambayoyi da amsoshi

Masu koyon ɗinki da masu sayen kwat sukan yi mini tambayoyi iri ɗaya a kan abin da ke ɓoye tsakanin yadin waje da shafi. Na tattara su a nan, na amsa gwargwadon abin da hannuna ya koya a kan teburin aiki.

Mene ne kambas ɗin nan, kuma a ina yake zama a cikin kwat?

Ba takalmin kambas ake nufi ba. Yadi ne mai ɗan tauri da ake sakawa a cikin gaban kwat, daga kafaɗa har zuwa gindin riga, kuma ba wanda ke ganinsa bayan an gama ɗinki. In ka farke shafin kwat da aka yi da hannu, za ka tarar da hawa uku a bayan yadin waje. Na farko shi ne babban kambas, wanda ya bi gaban rigar gaba ɗaya har cikin kunnen kwat, wato ɓangaren nan da ke naɗewa ya kwanta a ƙirji. Yawanci saƙar ulu ce haɗe da auduga ko gashin akuya ko na raƙumi, wani kuma lilin ne zalla. Na biyu guntu ne da ke rufe ƙirji da gaban kafaɗa kaɗai, shi ne mai izgar doki. Na uku yadi ne mai laushi, mai gashi-gashi kamar bargon jariri, da ake rufe izgar da shi ta wajen jiki.

Waɗannan ukun ake fara ɗinkewa su zama abu ɗaya mai siffar ƙirjin mutum, sannan a ɗora yadin waje a kai. Yadin waje ba a manne yake ba. A bakin gaba da kunne da kafaɗa da hammata da bakin aljihu ne kawai suke haɗuwa, sauran wurin kuwa yadin yana shawagi ne a kan kambas.

Da gaske gashin doki ne a ciki?

Da gaske ne, kuma na wutsiya ne, domin shi ya fi tsawo da ƙarfi. A saƙar asali, zaren tsaye na auduga ne, zaren kwance kuma silin izga ne ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an kaɗa su sun zama zare ba. Shi ya sa wannan yadi ba ya da faɗi: iyakar faɗinsa ita ce tsawon silin gashi. A garin Castle Cary na Ingila akwai masaƙar John Boyd da ke wannan saƙa tun 1837, da injuna masu ɗauko sili ɗaya su jefa a kowane zubi.

Akwai kuma wanda ake nannaɗe izga da zaren auduga a haɗa ta ta zama dogon zare, a saƙa yadi mai faɗi da shi. Akwai ma wanda ake ce wa na gashi alhali gashin akuya ne ko zaren roba a ciki. In kana son tantancewa, zaro sili ɗaya daga bakin yanka. Izga tana da santsi da sheƙi, in ka lanƙwasa ta ka saki sai ta miƙe. In ka kai ta wuta, za ta yi ƙaurin gashi ta zama toka mai murtsukewa, ta roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule.

To izgar ce ke ba wa ƙirjin kwat siffarsa?

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, kuma kuskuren yakan sa su sayi kambas mai tsada su ɗinka kwat mai ƙirji kamar allo. Izga ba ta ƙirƙirar siffa. Yadin izga da aka yanko daga bandir shimfiɗaɗɗe ne, kuma in ka bar shi haka, a shimfiɗe zai zauna har abada. Abin da izga ke da shi shi ne komawa: ka danne ta, ta tashi. Siffar kuwa tela ne ke yin ta da almakashi da allura da dutsen guga, izga ta riƙe masa.

Ƙarfin nan nata kuma ta fuska ɗaya yake. In ka naɗe yadin ta yadda silin ba su lanƙwashe ba, zai naɗu kamar tabarma ba gardama. In ka naɗe shi ta inda silin za su lanƙwasa, sai ka ji yana turo hannunka. Saboda haka ake yanka guntun ƙirji ta yadda silin za su ratsa ƙirjin daga tsakiya zuwa hammata. A haka suke zama kamar ƙananan bakunan harbin kibiya da aka jera, suna ɗaga yadin waje su tsallakar da shi kan kwarin da ke ƙarƙashin ƙashin wuya da wanda ke gaban hammata. Mutum ya miƙa hannu ya ɗauko abu, ƙirjin rigar ya tanƙware, ya sauke hannu, ta koma yadda take. Wanda ya yanka guntun a juye, silin suna kallon sama da ƙasa, zai sami riga mai karyewa a tsaye kusa da hammata, kuma ba gugar da za ta gyara ta.

Ta yaya shimfiɗaɗɗen yadi ke zama mai tudu da kwari?

Da tsagi. Inda ake son tudu, sai a yanke ɗan siririn yanki mai tsini a cire, a haɗa bakunan biyu. Da zarar sun haɗu, yadin ya tashi a kan tsinin, kamar yadda takarda ke zama mazurari. Irin wannan ake yi daga kugu zuwa ƙasan ƙirji, a kuma yi ƙarami daga hammata. A kafaɗa kuwa akasin haka ake yi: a tsaga daga sama, a buɗe tsagin kamar santimita 1 zuwa 2, a cike da wani ƙyalle. Wannan ne ke ba ƙashin kafaɗa wuri ya turo gaba ba tare da ya ja rigar ba.

Ba a ɗora bakin tsagi kan ɗan'uwansa da kauri, domin gurbin zai fito ta waje bayan guga. Ana haɗa su baki da baki a kan siririn ƙyallen shafi, a bi da ɗinkin zigizaga. Kuma tsagin babban kambas da na guntun izga ba sa faɗawa wuri ɗaya. Ana kauce musu, don kowanne ya rufe raunin ɗaya.

Mene ne ainihin aikin ɗinkin hannun da ake ta magana a kai?

Ɗauki littafi mai laushin bango ka lanƙwasa shi. Za ka ga bakin shafukan ya zame, na waje sun ja baya, na ciki sun turo. Yanzu ka matse bakin da yatsu yana lanƙwashe, ka saki ɗaya hannun. Littafin ba zai miƙe ba, domin ka hana shafukan komawa inda suke. Asirin aikin ke nan gaba ɗaya. Hawa biyu na yadi, in an lanƙwasa su tare, na waje yana buƙatar tsawo fiye da na ciki. In aka ɗinke su a wannan hali, bambancin tsawon ya kulle, lanƙwasar ta zauna.

Ɗinkin kansa, wanda zan kira ɗinkin lanƙwasa, ba shi da wuyar kwatance. Allura tana shiga a kwance, daga dama zuwa hagu, ta ɗan ciji kaɗan ta fito, sai ka sauka ƙasa ka sake. Zaren da ke sama sai ya bayyana a karkace. In ka kai ƙarshen layi, ba ka juya aikin, sai ka hau sama da layi na gaba, karkatar ta juya, jerin ya fito kamar ƙayar kifi. A ƙirji ɗinkin yana da tsawo, santimita 1.5 zuwa 2, yana haɗa hawa ukun nan kawai, bai taɓa yadin waje. Tela yana ɗora aikin a kan gwiwarsa ko a tafin hannu domin ya kasance a kumbure yayin da allura ke wucewa. Wanda ya shimfiɗa shi a tebur ya ɗinka, ya yi wahala ne kawai, ya sami kambas mai kauri marar siffa.

Yaya ake yin kunnen kwat, daki-daki?

Bari in ɗauki kwat mai maɓalli biyu, kunnensa santimita 9 a inda ya fi faɗi.

Da farko an riga an ɗora yadin waje a kan kambas, an riƙe su da dogon ɗinkin wucin gadi, an zana layin naɗi da alli daga gefen wuya zuwa ɗan sama da maɓallin farko. Abin lura a nan shi ne guntun izga ba ya shiga kunne. Yana tsayawa kamar santimita 1 kafin layin naɗi, domin in ya tsallaka, kunnen ba zai naɗu da taushi ba, kuma silin za su karye a kan layin. Cikin kunne babban kambas ne kaɗai da yadin waje.

Sai tef. Ana ɗora siririn tef na auduga ko lilin, wanda ba ya miƙewa, a gefen layin naɗi ta wajen jiki. Layin nan a karkace yake ratsa saƙar yadi, kuma duk abin da aka yanka a karkace yana saurin saki. Ana sa tef ɗin ya gaza layin da kamar santimita 1, ko fiye kaɗan ga mai tudun ƙirji, a raba rarar yadin daidai a tsakiyar layin, a shanye ta da tururi. Wannan ɗan jan ne ke sa bakin kwat ya rungumi ƙirji maimakon ya yi hamma in mutum ya zauna.

Yanzu ka ɗauki gaban rigar, kambas yana sama, yadin waje yana ƙasa, ka ɗora kunnen a kan yatsun hannun hagu ya lanƙwaso ƙasa. Ka sa zaren siliki ko wani siriri mai launin yadin waje. Layin farko yana bin layin naɗi, sauran kuma suna biye da shi a jere zuwa bakin kunne, tazarar milimita 6 zuwa 8, kowane ɗinki bai wuce santimita 1 ba. Allura tana ratsa kambas ta ɗauki zare ɗaya ko biyu kacal na yadin waje. Yatsanka na ƙasa ne idonka: kana jin tsinin allura ya taɓa shi, ka san ta kama, sai ka maido ta sama. A kowane layi babban yatsa yana ɗan turo kambas baya zuwa wajen layin naɗi, ya bar masa rara kaɗan wadda ido bai cika gani ba. Layi goma sha biyu ko sha uku ne za su kai ka baki, kuma rarar da ta taru a cikinsu 'yan milimitoci ce, amma ita ce kunnen.

Me ya sa kambas ne ke samun rarar? Saboda in an sa rigar kunnen ya naɗe, kambas ne ke komawa wajen fuskar waje, a ƙarƙashin yadin da za a rufe shi da shi daga baya, yadin da kake cizo da allura kuma ya koma ƙasa yana kallon ƙirji. Na waje mai tsawo, na ciki gajere, sai kunnen ya sunkuya wa ƙirji da kansa.

A tsinin kunne, wajen santimita 3 na ƙarshe, ana ƙanƙanta ɗinki a matse layuka, a kuma lanƙwasa tsinin sosai a kan yatsa, don shi ne wurin da ya fi son tashi. Ana tsayawa kafin layin da za a ɗinka baki, a rage kambas daga wurin don kada gefen ya yi kauri. In an gama, ka ɗora gaban a tebur. Kunnen da ya yi kyau ba zai yarda ya kwanta ba, zai tashi ya dunƙulo kamar busasshen ganye. Sai ka yi ɗaya ɓangaren da irin wannan hannun, wanda a ganina shi ne mafi wuya a aikin duka: kunne biyu su fito tamkar tagwaye.

Ɗigo-ɗigon da nake gani a bayan kunnen kwat aibi ne?

A'a. Gurbin cizon allura ne, kuma wurinsu ke nan. Aibi shi ne su yi zurfi kamar an tsunkule yadin, alamar an ja zare da ƙarfi, ko su ɓullo ta fuskar da ake gani.

Inji ba zai iya yin wannan ba?

Yana iyawa, kuma ba zan ɓoye hakan ba. Akwai injuna masu lanƙwasasshiyar allura, irin na kamfanin Strobel na Jamus, da ke yin ɓoyayyen ɗinki suna naɗe kunnen yayin da yake wucewa. Yawancin kwat masu cikakken kambas da ake sayarwa a ɗinke da irinsu aka yi, kuma masu kyau ne. Inji ya fi hannu daidaito, ya fi shi sauri nesa ba kusa ba.

Inda hannu ya yi fice shi ne canji a tsakiyar aiki. Mutumin da kafaɗarsa ta dama ta fi sauka, ko ƙirjinsa ya faɗa ciki, ko yadinsa sirara ne da ba ya jure ja, tela yana iya ƙara rara nan, ya sassauta zare can, ya matse layi a wuri guda. Amma ɗinkin hannu marar kyau bai kai na inji mai kyau ba. Yawan ɗinki ma ba shi ne inganci ba: in ya yi yawa kuma ya matsu, kambas ɗin yana sandarewa.

Mece ce matsalar kwat mai gam?

A wannan hanya, ana ɗauko yadi mai ɗigon gam a fuska ɗaya, a manna shi a bayan yadin waje da zafi da danni. Yana da sauƙi da arha, kuma na zamani ya fi na da kyau ƙwarai. Sai dai a shimfiɗe ake manna hawa biyun, tsawonsu ɗaya, don haka babu bambancin da zai haifar da lanƙwasa. Kunnen sai dai a karya shi da guga. Gam kuma yana rage wa iska hanya, yana hana ulu zubowa yadda ya saba. In ya tsufa ko ya sha zafi da tururi fiye da kima, yakan saki a wasu wurare, ƙirjin ya yi bororo. Gyaran wannan ba ya daɗewa.

Akwai matsakaici, wato rabin kambas: ƙirji da kunne suna da kambas ɗinkakke, daga nan zuwa ƙasa gam ne. Ga wanda kuɗinsa bai kai na cikakke ba, ina ganin zaɓi ne mai ma'ana, domin inda siffa ta fi muhimmanci an yi shi yadda ya kamata.

Ta yaya zan gane irin wanda ke hannuna ba tare da na farke ba?

Je ƙasa da gidan maɓallin ƙarshe. Kama yadin waje da yatsu biyu, kama na ciki da ɗaya hannun, ka raba su a hankali. In ka ji hawa na uku yana yawo a tsakiya, cikakken kambas ne. In babu, sake gwadawa a ƙirji. Sannan ka murza yadin gaba ka murza na hannun riga: in na gaba ya fi kauri da tauri, an manna masa wani abu. Gwajin yakan ruɗi mutum a ƙirji, saboda kwat mai gam ma ana sa mata guntu mai shawagi a wurin. Shi ya sa na ce a fara daga ƙasa.

Kwat ɗina ta yi kyau da farko, bayan ruwa ya taɓa ta gaban ya tattare. Me ya faru?

Na taɓa yin wannan kuskuren ina koyo, kuma ban manta ba. Na yi gaggawa na yanka kambas ban jiƙa shi ba. Rigar ta fita lafiya, bayan 'yan makonni mai ita ya dawo da ita, yadin waje ya yi igiyoyi a kwance daga aljihu zuwa gindi, bakin gaba kuma yana lanƙwasowa ciki. Kambas ya sha danshi ya tsuke, ulun waje bai tsuke tare da shi ba, sai ya rasa inda zai kai rararsa. Na gane haka ne da na ɗaga rigar na ja gindin ƙasa: kambas ya miƙe ya yi tsam, yadin waje kuwa yana nan sakwa-sakwa. Dole na buɗe shafi da bakin gaba, na saki kambas daga ƙasa, na sake ɗora yadin.

Maganin tun farko ne. A jiƙa kambas cikin ruwa ya sha sosai, a rataye shi ba matsa ba, a goge shi yana da sauran danshi, a bar shi ya huce kafin almakashi ya taɓa shi. Tef ma haka. In an zo ɗora yadin waje, gara kambas ya ɗan fi shi sakewa kaɗan da ya gaza.

Wani abu yana sukata a ƙirji kusa da hammata. Izgar ce?

Ita ce. Bakin silin da aka yanka yana da kaifi, kuma motsi yana tura shi waje sannu a hankali. Ko dai yadi mai laushin bai rufe bakin guntun ba, ko ba a bi bakin da ƙyalle ba. Kada ka yanke silin daidai da yadi, zai sake fitowa da sabon kaifi. Zare shi gaba ɗaya da hantsaki. In suka yawaita, tela ya buɗe shafi ya rufe bakin.

Dole ne kowace kwat mai kyau ta kasance da izga mai ƙarfi?

Ba dole ba. Yawancin telolin titin Savile Row a Landan an san su da ƙirji mai tsayuwa, na Napoli a Italiya kuma da kambas marar nauyi, wani lokaci ba izga ko kaɗan. Duka biyun aikin ƙwararru ne. Ƙa'idar ita ce kambas ya dace da yadin: ulu mai nauyi yana danne kambas marar ƙarfi, sirara kuma yana tona asirin mai ƙarfi, har ka ga gefen guntun ƙirji ta waje. Ɗora yadin a kan kambas ɗin, ka ratayo su a bayan hannunka, ka duba ko suna faɗuwa tare.

Yaya zan kula da ita don siffar ta daɗe?

Babban abin da ke kashe kunnen kwat shi ne mai guga da zai kwantar da shi ya danne layin naɗi har ya zama kaifi kamar na wando. Ka gaya masa tun kafin ya karɓa: kada a danne layin. Ana buɗe kunnen ne a goge shi ta baya da ƙyalle a tsakani, a naɗe shi da hannu yana da ɗumi, musamman santimita 8 zuwa 10 na sama da maɓalli. In an riga an danne, tururi ta baya da naɗi da hannu sukan dawo da mafi yawansa, tunda ɗinkin yana nan bai je ko'ina ba. Rataye ta a maratayi mai faɗin kafaɗa, ka kwashe kaya masu nauyi daga aljihun ciki, ka bar ta ta sha iska kwana ɗaya bayan an sa ta, kuma kada ta shiga injin wanki.